Godiya ga Mahalarta Zaman Fatake, da Abin da Muka Tattauna a Kan Jari da Riba

Ina miƙa godiya ga alhazai da hajiyoyi da matasan 'yan kasuwa da suka bar rumfunansu suka halarci zaman da muka yi a taron 'yan kasuwa na Kano, haka kuma ga abokan zamana a bisa teburi, waɗanda suka yi haƙuri da tsawon bayanina na akanta. Allah Ya saka da alheri.

Mas'alar da ta fi cin lokacinmu ita ce yadda ɗan kasuwa yake ganin riba a littafinsa alhali jarinsa yana zaizayewa, musamman a zamanin da farashi ba ya kwana inda ya yini. Misalin da na kawo shi ne na mai hatsi a Dawanau wanda ya sari buhun masara 100 a kan naira 40,000 kowanne, ya sayar a kan 45,000, ya ƙidaya wa kansa ribar naira 500,000. To, idan aka fitar da kuɗin mota da dako da la'adar dillali, a ce naira 1,000 a kowane buhu, abin da ya rage a hannunsa naira miliyan 4 da dubu 400 ne. In kuwa ya koma sari ya tarar buhu ya kai 46,000, wannan kuɗi ba zai ɗauko masa fiye da buhu 95 ba. Haƙiƙa wannan hasara ce, ko da yake ya riga ya ci daga abin da ya zaci riba ne. Alamarta kuwa ba ta ɓuya: kuɗi na ƙaruwa, sito na raguwa.

Saboda haka muka yi ittifaƙi cewa a riƙa auna jari da adadin haja, a kuma yanka farashi bisa abin da za a sake sara da shi. Wani malami daga cikin mahalarta ya tunatar da mu, kuma na ji daɗin wannan ƙwarai, cewa fuƙaha'un Malikiyya sun daɗe da hukunta wa mai jujjuya haja ya yi wa kayansa ƙima da farashin ranar da shekara ta cika kafin ya fitar da zakka.

Batun bashi mun taɓa shi a taƙaice, domin wanda ya ba da masara bashin wata biyu a tsohon farashi ya ninka wa kansa wannan hasarar. Rubuta bashi da ajalinsa kuwa umarni ne da ya zo a aya ta 282 ta Suratul Baƙara.

Roƙona ga duk wanda ya halarta shi ne ya ƙidaya hajarsa a ƙarshen wannan wata, ya gwada da ta watan jiya, kafin ya taɓa ko sisi da sunan riba.