Minti biyu sun ishe ka gabatar da likita

Jiya na dawo daga dubiya raina a ɓace. Wanda na je dubawa direba ne a masana'antar da nake aikin jinya a nan Kano, shekararsa 52, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka kai shi asibiti an tarar jininsa ya kai 200/120. Da ƙyar magana ke fita daga bakinsa, amma ya daure ya ce mini, "Sista, ran nan na so ki auna ni, tsoro na ji."

Ranar da yake nufi, wata biyar ke nan. Mun gayyato likita ya yi wa ma'aikata bayani kan hawan jini, in ya gama mu auna duk mai so. Hutun rana kawai aka ba mu, minti 45, a ciki kuma mutane za su ci abinci su yi azahar. Na jera na'urar awo biyu a kan tebur a ɗakin cin abinci, aka miƙa wa wani babba daga ofis makirfo ya gabatar da baƙo.

Ina duba agogo, minti 18 ya ci. Ya gaida manaja, ya gaida mataimakinsa, ya bi takardar karatun likitan tun daga firamare, rabi da Turanci, alhali yawancin na zaune Hausa suke ji. Na baya suka fara zamewa zuwa alwala. Duk wannan da sauƙi. Sai ya nuna wani dattijo da yatsa ya ce, "Ga Baba nan, kowa ya san suga na damunsa." Aka yi dariya, Baba ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Sannan ya rufe da cewa duk wanda aka samu ba shi da lafiya, ofis ya san abin da zai yi. Daga baya ya rantse mini taimako yake nufi. Amma wanda ake biya a kan kwanakin da ya yi aiki, kora ya ji.

Likita ya samu minti 12, ya yi iya yinsa. Ya ce hawan jini kan daɗe a jiki ba ciwon kai ba jiri, awo kaɗai ke tona shi, kuma in an maimaita awo a ranaku daban-daban ana samun 140/90 ko fiye, a fara neman magani. Ba wanda ya yi tambaya. Cikin mutum fiye da 100, tara suka zo teburina, shida daga cikinsu 'yan ofis. Direban nan ya zo har bakin tebur, ya gaishe ni, ya wuce.

Mai gabatarwa, ba kai aka zo ji ba. Faɗi sunan likita, fanninsa, asibitin da yake aiki, abin da zai yi magana a kai da tsawon lokacin. Sai jimlar da ta fi duka nauyi, wato sirri. Ga irin abin da nake faɗa yanzu, tunda na karɓe makirfon:

"Assalamu alaikum. Baƙonmu Dakta wane, likitan zuciya ne. Zai yi minti 20 kan hawan jini, sai tambayoyi. Bayan nan akwai awo kyauta, ba dole. Sakamakonka tsakaninka da likita ne, ba ya zuwa ofis. Mai jin nauyin tambaya a fili ya same shi a ɗakin magani. Dakta, bismillah."

Kada ka faɗi wannan alkawari sai ka zauna da shugabanni sun amince tukuna, domin in sakamako ɗaya ya ɓulla a ofis ba mai sake miƙo hannu. In da hali, manyan su fita lokacin tambayoyi. Kada ka riga likita yin laccar, balle ka kawo maganin da ya yi wa ƙaninka aiki. Kuma kada ka ambaci ciwon kowa, ko da wasa.

Sai masu sa farar riga su kira kansu Dakta. An taɓa kawo mana ɗaya, aka yi masa kirari kamar sarki, ƙarshenta ya buɗe jaka yana sayar da garin "wanke jini", har ya ce masu shan ƙwayar asibiti su ajiye ta. Bakinka ne ya ba shi mutunci a idon ma'aikata! Kafin ka kira mutum likita a gaban jama'a, nemi shaidar rajistarsa da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, da lasisinsa na bana. Likitan gaske ba ya jin haushin wannan tambaya.

Na sake faɗa, kada ka nuna kowa. Baban da aka yi wa dariya ran nan, a ɗakina yake zuwa awon suga duk Litinin. Tun daga ranar bai sake leƙowa ba, sai da na bi shi har wurin injinsa na ba shi haƙuri.