Yadda Ake Mayar da Bayanin Bidiyon Gyara Zuwa Matakai a Rubuce

Makanike in yana aiki a gaban kyamara, hannunsa ne ke gaba, bakinsa na biye. Shi ya sa in aka rubuta maganarsa kalma da kalma, rubutun kan cika da "wannan" da "nan", gargaɗi kuma ya zo bayan an wuce wurin haɗari. Aikinka shi ne ka jera komai yadda za a aikata shi. Mu ɗauki bidiyon canza baƙin mai na ƙaramin janareta mu gwada.

1. Samo rubutun tare da lokutansa. A YouTube, buɗe bayanin da ke ƙarƙashin bidiyon ka danna Show transcript. In babu, ka saurara ka rubuta da kanka, kana sa minti da daƙiƙa a gefen kowace magana. Kada ka goge lokutan nan, da su za ka riƙa komawa ka duba.

2. Share abin da ba aiki ba. Gaisuwa, tallan shago, roƙon a bi tasha da maimaici duk su fita. A ce abin da ya rage ya haɗa da wannan:

02:10 "To, sai ka kwance wannan, ka ga yana zuba."
02:40 "Au, ban gaya muku ba, na ɗan kunna shi ya yi ɗumi tukuna."
03:55 "Ku kula fa, salansa da zafi."

3. Ba kowane "wannan" sunansa. Koma 02:10 ka tsayar da hoton. Me ya kwance? Notin da ke gindin inji, inda mai ke fita. Da me? Sifana, kuma in ka duba da kyau za ka ga lambar da ke jikinta. Kalli abin da hannu ya yi shiru ma: ya tura roba ƙarƙashin injin kafin ya kwance notin, bai ce komai ba. Wannan mataki ne guda, wanda duk mai dogara da rubutu kaɗai zai tsallake, mai ya malale a ƙasa.

4. Gyara jerin. Nemi kalmomi irin su "tukuna", "na manta", "kafin nan" da "da ma". Su ne alamar cewa magana ta zo a makare. Ɗumama injin da aka ambata a 02:40 shi ne matakin farko, domin mai mai ɗumi ya fi saurin zuba.

5. Tattara kayan aiki a sama. Bi matakan ɗaya bayan ɗaya kana fitar da duk abin da aka taɓa: sifana, roba, mazurari, tsumma, sabon baƙin mai. Lambobi su ne na'urar rubuta magana ta fi kuskurewa, don haka ka gwada kowace lamba da jikin galan ko littafin injin. Yawancin ƙananan janareta masu wurin baƙin mai daban suna shan kusan lita 0.6. In rubutu ya ce lita 6, ka san an yi ɓatan kai.

6. Sa gargaɗi kafin matakinsa. Wanda ya ƙone hannu a mataki na 3 ba ya amfana da gargaɗin da ke mataki na 7. In ka ƙara gargaɗin da mai bidiyo bai faɗa ba, ka nuna cewa ƙari ne daga gare ka. Ka kuma faɗi injin da matakan suka shafa: ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da mai a tanki ɗaya ba shi da man da ake juyewa.

Ga yadda farkon matakan zai fito:

*Gargaɗi: a kunna a waje kawai, hayaƙin janareta yana kisa a rufaffen ɗaki.*
1. Kunna injin na 'yan mintuna ya yi ɗumi.
2. Kashe shi, ka rufe fetur, ka zare hular fulogi.
*Gargaɗi: salansa da man suna da zafi.*
3. Ajiye roba a ƙarƙashin notin gindin inji.
4. Kwance notin, ka bari man ya tsiyaye har ya daina ɗiga.

Kowane mataki aiki ɗaya ne ko 'yan ayyukan da ake yi a tare, ya fara da umarni, ya kuma faɗi alamar da za a gane an gama.

7. Gwada da wanda bai ga bidiyon ba. Miƙa masa takardar, ka tsaya kusa da shi ka yi shiru. Duk inda ya ɗago kai ya ce "wanne?" ko "har yaushe?", akwai giɓi a nan. Koma wannan mintin a bidiyon ka cike shi, sannan ka ba jama'a.