Amsoshin Tambayoyinku: A Wane Rumbu Zan Ajiye Lissafin Kuɗin Jama'a?

Tambaya: Ina haɗa manhajar tura kuɗi don ƙananan 'yan kasuwa. Abokin aikina ya ce mu ɗauki MongoDB saboda ba ya takura mutum da tsarin tebur, ni kuma hankalina ya fi kwanciya da PostgreSQL. Wanne ya dace? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, takurar nan da abokinka yake gudu, ita kake buƙata.

A ce mai shago ya tura wa dillalinsa naira 5,000. Aiki biyu ne a nan: a cire daga asusu ɗaya, a zuba a ɗaya. In na'urar ta tsaya a tsakani, kuɗi sun bar mai shago, ba su kai ga dillali ba. Rumbun bayanai mai tebura irin PostgreSQL yana ɗaure ayyukan biyu wuri guda:

```sql
BEGIN;
UPDATE asusu SET kobo = kobo - 500000 WHERE id = 1;
UPDATE asusu SET kobo = kobo + 500000 WHERE id = 2;
COMMIT;
```

Ko dai duka biyun su tabbata, ko a koma kamar ba a taɓa komai ba. Ka lura da kobo na yi lissafin, ba da naira mai ɗigo ba, domin kwamfuta kan yi ɗan kuskure wajen tara irin su 0.1 da 0.2, kuma a harkar kuɗi ɗan kuskure rigima ne.

Sai matsalar da za ta fi damunka. Sabis ya yi rauni, mai shago bai ga saƙo ba, ya sake dannawa. In ka ba kowace hada-hada lambarta, ka sa mata `UNIQUE`, rumbun da kansa zai ƙi karɓar ta biyun. Haka `CHECK (kobo >= 0)` zai hana a cire abin da babu a asusu.

Kada mu zalunci MongoDB. Shi ma yana iya hana maimaita lamba, kuma tun fitowar 4.0 a 2018 yana ɗaure ayyuka a kan takardu da yawa. Sai dai an gina shi ne don bayanin da ke zaune cikin takarda guda, kuma ba ya tilasta cewa asusun da hada-hada ta ambata yana nan da gaske. Wannan gadin ya koma wuyanka, kuma ranar da ka yi sakaci, sai wajen daidaita lissafi da banki za ka gane.

Inda abokinka yake da gaskiya shi ne amsoshin da kamfanonin biyan kuɗi ke turowa, kowanne da nasa fasalin. Amma tun 2014 PostgreSQL yana da `JSONB`, wanda zai ajiye su yadda suka zo, a gefen lissafin.

Saboda haka ku ɗauki PostgreSQL. Kafin ku saki manhajar, ku kashe na'urar da gangan ana tsakiyar tura kuɗi, sannan ku tara abin da ke cikin asusun biyu, ku ga ko jimillar ta canja.