Takardar Ƙa'ida Mai Shafi Ɗaya: Yadda Za a Kiyaye Tambari da Launin Kamfani

Yawancin ƙananan kamfanoni ba su da mai zane na dindindin. Idan bukata ta taso, sai a nemi mai zane mai zaman kansa, a biya shi, ya yi aikin ya tafi. Bayan wata shida a nemi wani dabam. Daga nan ne ake ganin koren da ke jikin kwalba ya bambanta da na allon shago, tambarin da ke kan rasit kuma an miƙe shi har ya sake kama. Mai saye kuwa, da zarar ya ga kaya sun sake fuska, sai ya fara zargin ko jabu ne. Maganin wannan shi ne takarda guda, mai shafi ɗaya, wadda za a miƙa wa duk wanda zai yi wa kamfani zane.

Bari mu ɗauki misalin wani ɗan kasuwa da ke ɗura zuma a kwalabe a Legas, yana kai aikin ɗab'insa unguwar Shomolu, inda maɗaba'u suka yi yawa. Tambarinsa sunan kamfani ne da hoton ƙudan zuma, launukansa kuma kore da ruwan zinariya. Takardarsa za ta kasu kashi uku: launi, haruffa da tambari.

Launi: a rubuta lamba, ba suna ba

Kalmar “kore” ba ta isa umarni ba, domin akwai kore shar, akwai algashi, akwai mai duhu. Saboda haka ake rubuta kowane launi da lambobinsa. Abin lura shi ne, allon waya da na kwamfuta suna haɗa launi da haske iri uku, wato ja da kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB, ana kuma taƙaita shi da lambar HEX. Injin ɗab'i kuwa tawada huɗu yake haɗawa, tsarin da ake kira CMYK. Akwai launuka masu ƙyalli da allo ke nunawa waɗanda tawada ba ta iya fitarwa. Don haka dole kowane launi ya sami lambobi na allo da kuma na takarda. Mai zumar zai rubuta nasa kamar haka:

```
Kore:     #006B3F   RGB 0 107 63    CMYK 90 30 95 20
Zinariya: #F2A900   RGB 242 169 0   CMYK 0 35 100 0
```

Lambobin CMYK ba a amince da su sai an gwada. A sa maɗaba'a ta buga samfuri a kan irin takardar da za a yi aikin da ita, domin takarda marar sheƙi tana shan tawada, launi ya dushe, ba kamar mai sheƙi ba. A duba samfurin da hasken rana, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. Idan ya yi daidai, sai a sa masa hannu da kwanan wata, a ajiye shi a aljihun tebur inda rana ba za ta koɗar da shi ba. Shi ne alƙali ranar da gardama ta tashi.

Haka kuma a bayyana aikin kowane launi. Mai zumar zai rubuta cewa kore shi ne babba, zinariya don ado ce kawai, kuma ba a yin rubutu da zinariya a kan fari, saboda ba ya karantuwa daga nesa.

Haruffa: iri biyu sun wadatar

A zaɓi salon haruffa ɗaya don kanun rubutu, ɗaya kuma don bayani, a rubuta cikakken sunan kowanne da kaurinsa. Ga mai tallata kaya da Hausa akwai wani sharaɗi na musamman. Salon haruffa da yawa ba su da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Idan babu su, kwamfuta kan aro harafin daga wani salo, sai a gan shi ya fi sauran girma ko siranta, wani lokaci ma akwati ne fanko zai fito a gurbinsa. Gwajin mai sauƙi ne: a buga kalmomin “ƙudan zuma”, “ɗanɗano” da “ɓawo” da manya da ƙananan baƙaƙe, a duba. Salon Noto Sans da Charis SIL suna da waɗannan haruffa, kuma lasisinsu ya ba da damar amfani da su a harkar kasuwanci kyauta. Mai zumar zai rubuta: kanu Noto Sans Bold, bayani Noto Sans Regular.

Bugu da ƙari, a umarci mai zane ya mai da rubutun zane kafin ya miƙa aiki, abin da ake yi da umarnin Create Outlines a Adobe Illustrator, ko Convert to Curves a CorelDRAW. In ba haka ba, kwamfutar maɗaba'a da ba ta da salon za ta musanya shi da wani.

Tambari: asali, fili da iyaka

Babban abin da ke ɓata tambari shi ne amfani da hotonsa maimakon asalinsa. Hoto irin na JPG ko PNG ɗige-ɗige ne ƙididdigaggu. Ɗab'i mai kyau yana bukatar ɗigo 300 a kowane inci, saboda haka hoto mai faɗin ɗigo 600 ba zai wuce inci 2 ba, wato kimanin santimita 5, sai ya fara dushewa. Asalin tambari kuwa, irin na SVG ko EPS ko AI, da layuka aka gina shi, ana iya faɗaɗa shi daga murfin kwalba har allon bakin titi. Don a gane, sai a buɗe shi a ƙara girmansa sosai a allo: idan gefensa ya zama tsani-tsani, hoto ne. Wajen aikawa ta WhatsApp, a tura shi a matsayin Document, domin hanyar hoto tana matse shi.

Takardar ta nuna tambarin iri uku: mai launi, baƙi zalla don rasit da hatimi, da fari don ɗorawa a kan kore. Sa'an nan a faɗi filin da za a bari kewaye da shi. Mai zumar zai ce daidai tsayin harafin farko na sunan kamfani ta kowane gefe, ma'aunin da ke girma tare da tambarin. A kuma faɗi mafi ƙanƙantar girma, wanda ake samu ta buga tambarin da faɗi dabam-dabam. Idan ƙafafun ƙudan zuman suka haɗe a milimita 15 amma suka fito a 20, to, 20 ce iyaka. A ƙarshe a sa ƙananan hotuna uku na abin da aka hana: miƙe tambari, sake masa launi, da ɗora shi a kan hoto mai hayaniya.

Kafin a biya kuɗi

A ƙasan shafin a rubuta kwanan wata da sunan mutum ɗaya mai ikon amincewa da aiki, don kada tsohuwar takarda ta ci gaba da yawo bayan an yi gyara. A aika wa mai zane takardar tare da asalin tambarin tun kafin a yi ciniki, a kuma rubuta a yarjejeniya cewa cikon kuɗi sai aiki ya dace da ita, an kuma miƙo asalin aikin. Ranar karɓa, a ajiye sabon bugu kusa da samfurin da aka sa wa hannu, a auna tambarin da rula, a karanta kalmomi masu lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya. Kuskuren da aka kama a samfuri guda takarda ɗaya ya ci. Wanda aka kama bayan an buga dubu biyar, sai dai a sake biyan maɗaba'a.