Idan Excel ya daina sabunta lissafi

A ce kana da buhu 40 na shinkafa a B2, farashin kowane buhu naira 75,000 a C2, a D2 kuma ka rubuta `=B2*C2`, ya ba ka 3,000,000. Farashi ya tashi, ka mayar da C2 80,000, amma D2 ko gezau, alhali 3,200,000 ya kamata ya nuna. Ka ja lissafin zuwa layukan ƙasa, duk suka fito da amsar layin farko.

Kafin ka zargi kwamfutar, danna F9. Idan adadin ya gyaru nan take, to an mayar da lissafi kan Manual ne, wato Excel ba zai sake lissafi ba sai an umarce shi. Sau da yawa za ka ga kalmar Calculate a can ƙasan allo. Maganin kuwa, shiga Formulas, ka danna Calculation Options, ka zaɓi Automatic. Idan kuma rubutun `=B2*C2` ɗin kansa kake gani a maimakon amsa, wannan wata matsalar ce daban, galibi an saita gurbin a kan Text.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne yadda matsalar ke dawowa bayan an gyara. Dalili shi ne, kowane fayil yana ajiye tsarin lissafinsa a cikinsa, amma Excel tsari ɗaya yake bi ga duk fayilolin da ke buɗe, kuma daga fayil ɗin da aka fara buɗewa yake ɗauka. Idan da safe ka fara buɗe wanda abokin aikinka ya turo, shi kuma a kan Manual ya ajiye shi saboda nauyinsa, to fayil ɗin albashi da ka buɗe daga baya ma Manual zai bi. Ka danna Save, ya ajiye da Manual a jikinsa. Gobe shi ma zai shafa wa wasu, har da na wanda ka tura wa. Wannan ne ya fi damuna, domin babu gargaɗin da zai fito, adadin ƙarya zai zauna kamar na gaskiya har a buga shi a takarda.

Don haka gyara sau ɗaya ba ya wadatarwa. Buɗe duk fayilolin da ka taɓa a ranar, ka zaɓi Automatic, sannan ka danna Save a kowannensu. Wanda ya turo maka asalin fayil ɗin ma ka sanar da shi. Daga yau kuma, ka riƙa fara buɗe naka da ka tabbatar yana kan Automatic kafin na baƙo.

Idan aikinka ya tilasta maka Manual, ka sani Shift+F9 shafin da kake ciki kaɗai yake lissafawa, F9 kuwa duk fayilolin da ke buɗe. Kada ka buga rasit ko ka tura rahoto ba ka danna F9 ba.