Alamar Kuɗi Ba Sunan Kuɗi Ba Ce

Ina so in ɗan yi bayani a kan wani abu ƙarami da ke jawo asara babba. Abin kuwa shi ne alamar nan da ake sa wa a gaban adadin kuɗi, musamman alamar dala, wato $. Yawancinmu da zarar mun gan ta sai mu ce dalar Amirka ce. To, ba kullum ba. Kanada da Ostireliya da Singafo da Laberiya da Namibiya duk dala suke kashewa, kowace da tata, kuma kowace da darajarta. Har ƙasar Meziko, wadda sunan kuɗinta ma ba dala ba ne, da wannan alama take rubuta shi. Ke nan alamar kamar sunan Audu ce a cikin aji: in ba a haɗa da sunan uba ba, mutum biyar ne za su amsa.

Wannan magana ta shafe mu a nan Birnin Gwari, domin ƙasarmu ƙasar zinariya ce, kuma da wuya ka sami unguwar da ba ta da mai haƙa ko mai saye. Ita kuwa zinariya, kasuwar duniya da dalar Amirka take yanke mata farashi, a kan ma'aunin da ake kira oza. Ozar zinariya ɗaya giram 31 ce da ɗigo ɗaya.

Bari mu ɗauki misali. A ƙarshen shekarar 2023 oza ɗaya tana wajen dalar Amirka 2,000. A lokacin nan dalar Ostireliya tana wajen kashi biyu cikin uku na ta Amirka, saboda haka a Ostireliya, wadda ita ma babbar ƙasar zinariya ce, wannan oza ɗin dai tana wajen dalarsu 3,000. A ce wani mai haƙa ya duba wayarsa ya ga an rubuta $3,000, bai lura daga Ostireliya labarin ya fito ba. Sai ya raba 3,000 da 31.1, ya sami kusan 96 a kan kowane giram. Gaskiyar lissafin kuwa ita ce a raba 2,000 da 31.1, abin da zai ba da kusan 64. In giram 10 gare shi, yana ƙirga dala 960 a ransa, alhali 640 ce. Daga nan zai juya ta zuwa naira da canjin dalar Amirka, ya tafi wurin dillali da wannan tsammani. Ko da dillalin ya yi masa tayin adalci, cewa zai yi an cuce shi, watakila har a rabu baram-baram. (Ban ma sa maganar cewa zinariyar da ake wankewa daga rami ba tsantsa ba ce, dole kuɗinta ya gaza na kasuwar duniya. Wannan wani darasi ne daban.) Wanda ya fi shi shan wuya shi ne ƙaramin mai saye da ya biya mutane a kan wancan farashi na kuskure, don shi uwar kuɗinsa ce za ta karye.

To, yaya mutum zai gane wace dala ce, in ba a rubuta sunanta ba?

Da farko a dubi abin da ke maƙale da alamar. Masu rubutu da kula sukan sa harafi a gabanta: US$ ta Amirka ce, A$ ta Ostireliya, C$ ta Kanada. Bankuna kuma suna da haruffa uku-uku da duniya ta amince da su, inda biyun farko ke nuna ƙasa, na uku ya nuna kuɗin. USD dalar Amirka ce, AUD ta Ostireliya, CAD ta Kanada, namu kuwa NGN. Sau da yawa waɗannan haruffa suna nan, amma an rubuta su ƙanana a saman jadawali ko a can ƙasan takarda, inda ido ba ya zuwa sai an neme su.

In babu ko ɗaya, sai a tambayi inda takardar ta fito da kuma waɗanda aka rubuta dominsu. Ɗan kasuwar Kanada da ke tallar kaya ga mutanen garinsu ba zai tsaya yana cewa dalar Kanada ba, kamar yadda mai tumatir a kasuwarmu ba ya cewa nairar Nijeriya. Amma wannan hanya tana da iyaka, kuma a nan ne na ga masu wayo ma suna faɗawa. Jaridar Ostireliya takan kawo farashin zinariya ko na ɗanyen mai da dalar Amirka, tunda da ita duniya ke ciniki, sa'an nan a shafi na gaba ta kawo kuɗin haya da tasu dalar. Saboda haka sanin ƙasa zato ne mai ƙarfi, bai kai hujja ba. Abin da ke tabbatarwa shi ne gwadawa da wani wuri. In wurare biyu sun ce oza 2,000 ce a rana guda, na uku ya ce 3,000, zinariya ba ta tashi da rabi cikin yini ɗaya ba. Kuɗin ne ba iri ɗaya ba.

Iyayenmu sun san irin wannan ruɗu tun kafin a haife mu, amma da alamar fam, wato £. Kafin naira ta fito ran 1 ga Janairu 1973, fam Nijeriya ke kashewa, da sule da kwabo, kuma alamarsa ɗaya da ta fam ɗin Ingila. Shekaru da yawa darajarsu ɗaya, don haka ba wanda ya damu. Sai a watan Nuwamba na 1967 Ingila ta karya darajar nata, daga dala 2.80 zuwa 2.40, Nijeriya kuwa ba ta bi ta ba. Daga ranar nan fam shida na Nijeriya ya zama daidai da fam bakwai na Ingila. Wanda ya sami tsohon rasit a akwatin kakansa mai ɗauke da £60 na shekarar 1970, sai ya san na wace ƙasa ne kafin ya ce ga abin da aka biya. In na Nijeriya ne, a lissafin canjin 1973 naira 120 ke nan, don fam ɗaya naira biyu aka yi shi. Ashe ban da ƙasa, har shekara ma sai an duba.

Ko a bakinmu na Hausa haka abin yake. Bamaraɗe in ya ce dala, tamma biyar ta kuɗin sefa yake nufi, ba ruwansa da Amirka. In ya ce jaka, sefa 1,000 ce, alhali jaka a wurin dattawanmu naira 200 ce, wato tsohon fam ɗari. Fatake da ke zirga-zirga tsakanin Katsina da Maraɗi ba sa ƙulla ciniki sai sun ji ko jakar wane gefe ce.

Saura abin da za a yi in an bi duk hanyoyin nan ba a gane ba. A ganina kada a juya adadin zuwa naira ko kaɗan. A kwafe shi yadda aka same shi, da alamarsa, a rubuta a gefe inda aka samo shi da kwanan wata, har a sami wanda za a tambaya. In kuma mu ne masu rubutun, ko a takardar jarrabawa ko a takardar bashi, mu rubuta sunan kuɗin cikakke a karon farko, misali dalar Amirka 640, daga nan sai mu ci gaba da alama kawai har ƙarshen takardar.