Amsar Tambaya: Gano Giɓin Ƙwarewa daga Tallan Aiki

Mai tambaya daga Tudun Wada a Kano, wanda yake da takardar HND ta ilimin akanta, yana son sanin abin da ya sa ba a kiransa ganawa. Abin da ya dace da shi shi ne ya tattara tallace-tallace kamar goma na muƙami iri ɗaya daga Daily Trust da Jobberman, ya rubuta kowane sharaɗi a layinsa, sannan ya raba wajibi, wato abin da rashinsa ke sa a ajiye takarda tun kafin a karanta ta, da abin da ake so kawai. Sharaɗin da ya bayyana a bakwai cikin goma, kamar iya Excel, shi ne giɓin gaske, amma wanda kamfani ɗaya kaɗai ya nema bai cancanci a kashe masa kuɗi ba.

A gaban kowane sharaɗi kuma sai ya rubuta hujja, domin cewa "na iya" ba hujja ba ce. Wanda ba zai iya daidaita bayanin banki na wata guda da littafin kuɗi ba tare da taimako ba, to bai iya ba tukuna, kuma maganinsa shi ne ya karɓi lissafin wani shago a Kantin Kwari ya riƙe shi wata uku, abin da ya fi sauri nesa ba kusa ba a kan jiran jarrabawar ICAN, wadda takan ɗauki shekaru.